Zanen Pareto a Garejin Manyan Motoci: Yadda Ake Jera Dalilan Ƙorafi, da Misali daga Potiskum

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda garejin gyaran manyan motoci zai yi amfani da zanen Pareto wajen gane ƙorafin da ya kamata a fara magancewa. Zanen yana jera dalilan ƙorafi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sannan a ja layi a samansu wanda ke tara kasonsu har ya cika ɗari. An bi misali guda daga tattara ƙorafi har zuwa sake aunawa bayan gyara. Matsayin takardar shi ne cewa jerin da zanen ke bayarwa ya dogara ne a kan shawara biyu da mutum ke yankewa tun kafin ya ɗauki alli: yadda ya karkasa ƙorafe-ƙorafen, da abin da ya zaɓa ya ƙirga.

Gabatarwa

Potiskum mahaɗar hanyoyi ce. Titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ta, ya biyo ta Azare ya wuce Damaturu, ga hanyar Bauci, ga ta Gombe, ga wadda ta nufi Gashuwa. Kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kasuwar hatsinta ma ba baya ba, kuma duk kayan nan a tirela suke tafiya. Shi ya sa garin ya yi suna da masu manyan motoci, da direbobi, da kanikawa da masu walda da ke ci daga jikinsu. Tirelar da ta kwana a gareji ranar da ya kamata ta yi lodi asara ce ga mai ita, ga direba, ga yaron mota, har ga ɗan kasuwar da ya riga ya sayi shanu yana jira.

A irin wannan gareji ƙorafi ba ya yankewa, amma da baki ake yin sa, kuma a baki yake ƙarewa. In aka tambayi maigidan gareji abin da ya fi damun masu kawo masa aiki, yawanci zai faɗi rigimar da aka fi ɗaga murya a kanta, ko wadda aka yi shekaranjiya. Zanen Pareto hanya ce ta maye gurbin wannan tunawa da ƙirga.

Asalin zanen

Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya da ya rayu daga 1848 zuwa 1923, ya koyar a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, inda ya nazarci yadda kuɗin shiga ke taruwa a hannun mutane ƙalilan. Bai taɓa zana jadawalin ƙorafi ba. Joseph Juran, injiniyan Amurka, shi ya lura cewa haka abin yake a masana'anta, wato 'yan dalilai kaɗan ne ke jawo yawancin lalacewar kaya, kuma shi ya liƙa wa ƙa'idar sunan Pareto. Babban littafinsa a kan kula da inganci ya fito a 1951. Layin tarawa kuwa ɗan'uwa ne ga lanƙwasar da Max Lorenz ya fitar a 1905 don nuna rabon dukiya. Daga baya Kaoru Ishikawa na Japan ya sa zanen cikin sauƙaƙan dabarun da leburan masana'anta zai iya amfani da su da takarda da fensir, waɗanda aka fi sani da dabaru bakwai na kula da inganci. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ta fi shafar mu, domin ba a ƙirƙiri zanen don kwamfuta ba.

Tattara ƙorafi

Aikin yana farawa da littafi guda mai layi-layi, a ajiye shi inda ake karɓar mota. Duk motar da aka dawo da ita, da duk kiran wayar da aka yi ana kuka da aiki, a rubuta kwanan wata, da lambar motar, da abin da mai ƙorafin ya faɗa da bakinsa, da abin da bakanike ya tarar da ya duba, da kwanakin da motar ta yi a tsaye saboda matsalar. A gefe kuma a riƙa ƙirga duk aikin da ya fita daga garejin, ko an yi ƙorafi a kansa ko ba a yi ba.

Raba abin da direba ya faɗa da abin da aka tarar yana da muhimmanci. Direba zai ce birki ba ya ci. Wannan alama ce kawai. Bakanike zai bari iska ta cika tanki, ya kashe inji, ya zuba wa agogon iska ido; in allura tana sauka, sai ya bi mahaɗar tiyo da ruwan sabulu har ya ga inda kumfa ke tashi. Yana iya zama mahaɗa ce ba a ɗaure sosai ba, yana iya zama tiyo ne ya tsufa, yana iya zama takalmin birki ne ya cinye. In aka karkasa wasu ƙorafe-ƙorafe bisa alama, wasu bisa dalili, to an gwama abubuwa biyu da ba sa auno ɗaya, kuma ƙorafi guda zai iya faɗawa gida biyu. Ƙa'idar ita ce kowane ƙorafi gida ɗaya, kuma a riƙe mizani ɗaya har ƙarshen lokacin ƙirga. A zanen farko ya fi sauƙi a bi abin da mai mota ya faɗa, a bar binciken dalili zuwa zane na biyu.

Akwai wani cikas da ba na lissafi ba. Idan yaran gareji suka fahimci cewa littafin na neman mai laifi ne, za su daina rubutawa, ko su gyara motar da aka dawo da ita a ɓoye kafin maigida ya iso. Saboda haka a ganina kada a sa gurbin sunan wanda ya yi aikin a wannan littafin. Maigida ya riga ya san hannun kowa. Abin da bai sani ba shi ne yawan kowace matsala.

Misali daki-daki

Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an tsara su don nuna yadda lissafin ke tafiya. Mu ƙaddara gareji ya fitar da aiki 600 cikin wata uku, aka rubuta ƙorafi 120. Bayan an karkasa su an jera daga babba zuwa ƙarami, ga abin da ya fito:

| Irin ƙorafi | Adadi | Kaso cikin ɗari | Jimillar tarawa | Kason tarawa |
|---|---|---|---|---|
| Ba a gama aiki ranar alkawari ba | 46 | 38.3 | 46 | 38.3 |
| Yoyon iskar birki | 28 | 23.3 | 74 | 61.7 |
| Yoyon baƙin mai | 17 | 14.2 | 91 | 75.8 |
| Matsalar wuta da fitilu | 11 | 9.2 | 102 | 85.0 |
| Saɓani kan kuɗin aiki | 7 | 5.8 | 109 | 90.8 |
| Walda ta tsage | 4 | 3.3 | 113 | 94.2 |
| Sauran ƙanana | 7 | 5.8 | 120 | 100 |

Kason tarawa ana samunsa ne ta hanyar haɗa adadin gida da na duk gidajen da suka gabace shi, a raba da jimilla, a ninka da ɗari. A gida na biyu, 46 da 28 sun ba da 74, kuma 74 cikin 120 kashi 61.7 ne. Ya fi kyau a yi lissafin daga adadi maimakon a riƙa haɗa kason da aka riga aka datse, don kada kuskuren datsewa ya taru. Za a lura cewa gidan sauran ƙanana ya zo a ƙarshe duk da ya fi na walda yawa. Haka ake yi kullum, domin tarkace ne na abubuwa dabam-dabam, kamar ɓatan jak ko karce a fenti, babu guda cikinsu da ya kai huɗu. Amma in wannan gida ya kumbura har ya haura kashi goma, alama ce ta cewa akwai wani rukuni da ya ɓuya a ciki, sai a koma littafi a tono shi.

Zanawa a bangon gareji ba ta buƙatar komai sai alli da tef na awo. A ja layi a tsaye ta hagu mai tsawon santimita 120, kowane santimita ƙorafi guda. A ja wani ta dama mai tsawo iri ɗaya, a sa sifili a ƙasa, ɗari a sama, hamsin a daidai santimita 60. A tsakaninsu a tsayar da ginshiƙai bakwai masu faɗi ɗaya, manne da juna: na farko santimita 46, na biyu 28, haka har ƙarshe. Sannan a ɗiga ɗigo a saitin gefen dama na kowane ginshiƙi, a tsawon jimillar tarawarsa, wato 46, 74, 91, har 120, a haɗa ɗigogin da layi.

Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne cewa ƙololuwar ma'aunin hagu ta zama jimillar ƙorafi, daidai da ɗari na ma'aunin dama. Akwai hanyar gane ko an kiyaye shi da kallo ɗaya: ɗigon farko na layin tarawa ya zauna a kan kusurwar ginshiƙi na farko. In ya yi sama da shi ko ya nutse cikinsa, ma'aunan biyu ba su dace ba, kuma ido zai ga ginshiƙan ba a girmansu na gaskiya ba. Masu aiki da Excel sun fi faɗawa wannan rami, saboda manhajar takan zaɓi ma'auni da kanta. In adadin yana daga B2 zuwa B8, wannan lissafi a C2, a ja shi ƙasa, yana ba da kason tarawa:

```
=SUM($B$2:B2)/SUM($B$2:$B$8)*100
```

Bayan haka sai a saita ƙarshen ma'aunin hagu a 120, na dama a ɗari, da hannu.

Karanta layin

An saba cewa kashi 80 na matsala daga kashi 20 na dalilai yake fitowa. Kada a ɗauki wannan a matsayin doka. A misalinmu gida uku cikin bakwai sun ba da kashi 75.8, sai an ƙara na huɗu aka haura 80, kuma gida huɗu cikin bakwai sun wuce rabi. Babu abin da ya lalace a lissafin. Abin dubawa shi ne gwiwar layin, inda ya daina hawa da ƙarfi ya fara kwanciya. A nan tana bayan gida na biyu ko na uku. Layin da ya hau kusan a miƙe daga ƙasa zuwa sama, ba gwiwa, yana nufin ginshiƙan sun yi kusan tsawo ɗaya. Hakan na faruwa ne in an karkasa ba daidai ba, ko kuma in matsalar ta game ko'ina, kamar rashin dubawa ta ƙarshe kafin mota ta fita, wadda ke bayyana a birki da wuta da mai baki ɗaya.

Sai kuma tambayar ko tazarar da ke tsakanin ginshiƙai biyu ta gaske ce ko ta dace ce. Ƙirga irin wannan tana hawa da sauka da kanta daga wata zuwa wata. Akwai gwaji mai sauƙi: a haɗa adadin biyu, a nemi tushen murabba'in jimillar, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar, a ga ko tazarar ta kai ninki biyu nata. Tsakanin 46 da 28 tazara 18 ce. Jimilla 74, tushenta kusan 8.6, ninki biyu 17.2. Ta tsallake, da ƙyar. Tsakanin 7 da 4 tazara uku ce, tushen 11 kuwa ya haura uku, don haka babu hujjar cewa saɓanin kuɗi ya fi tsagewar walda yawa. Wata uku masu zuwa suna iya musanya wuri. Saman zane abin dogaro ne, jelarsa kuwa a bi ta a hankali. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ƙorafi ashirin ko talatin ba su isa a gina zane a kansu ba.

Yadda karkasawa ke sauya jeri

Jinkiri ya zo na ɗaya, amma ba a gyara jinkiri da sifana. Dole a fasa ginshiƙin a yi masa nasa zanen, wannan karon bisa dalili. Mu ƙaddara 46 ɗin sun kasu haka: 21 jiran kayan gyara ne da aka aika a sayo daga Kano, galibi kasuwar Ƙofar Ruwa, 11 mai mota ne bai turo kuɗin kaya da wuri ba, bakwai rashin wuta ne ko janareta ya ƙi tashi, biyar an karɓi aikin da ya fi ƙarfin hannayen da ake da su, biyu wasu dalilai ne. Na farko da na biyu sun haɗa 32, kusan kashi 70 na jinkirin, kuma duka biyun abu ɗaya suke nunawa: ana yanke ranar alkawari tun kafin a san ko kaya na nan. Maganinsu tsari ne. A buɗe aiki a lissafa kayan da ake buƙata, a karɓi kuɗinsu, sannan a faɗi rana. Kayan da ake yawan nema kuma, irin su tiyon iska da mahaɗarsa da tacen mai, a ajiye su a shago.

Yanzu a lura da wani abu. Da tun farko an rubuta waɗannan dalilai biyar a matsayin gidaje masu zaman kansu, da yoyon iskar birki mai 28 ne zai zo na ɗaya, jiran kaya mai 21 ya bi shi. Littafi ɗaya, ƙorafi ɗaya, amma jeri ya sauya. Haka nan wanda ke so ya ɓoye wata matsala zai iya daddatsa ta ƙanana-ƙanana har ta ɓace a jela, wanda ke so ya kambama wata kuma ya haɗa yoyon iska da yoyon mai ya kira su yoyo, ya samu 45. Kariya daga wannan ita ce a amince da rukunan tun kafin a ga adadi, a zauna da kanikawa da mai walda da mai wuta a yi shi tare, kuma a raba rukuni biyu ne kawai idan maganinsu ya bambanta.

Ƙirga kai ko ƙirga asara

Zanen farko ya ɗauki kowane ƙorafi daidai da ɗan'uwansa, kamar mai ƙirga garke da kai, maraƙi da bijimi duk ɗaya. Ga mai tirela kuwa fitilar da ta mutu da shasin da ya tsage a hanya ba su haɗa komai ba. Wannan ne amfanin gurbin kwanakin tsayuwa da aka ce a sa a littafi. Na fifita kwanaki a kan naira saboda farashi yana motsi sosai, har zanen bana ba zai kwatantu da na bara ba, kwana kuwa kwana ne.

Mu ƙaddara kowane jinkiri ya ci kwana guda, wato 46. Yoyon iska rabin yini ne, 28 ɗin sun ba da kwana 14. Yoyon mai kwana guda-guda, 17. Wuta gaba ɗaya kwana shida, sauran ƙanana huɗu, saɓanin kuɗi bai tsayar da mota ba. Walda kuwa, in ta saki mota na ɗauke da kaya, sai an nemo wata motar an juye, an jawo wannan, an kankare tsohuwar walda an sake. A ce mako guda kowace, huɗun sun ci kwana 28. Jimilla kwana 115. A sabon jeri jinkiri yana nan a gaba da kashi 40, amma walda ta taso daga ta shida ta zama ta biyu da kashi 24.3, su biyun sun haɗa 64.3. Yoyon mai ya kai layin 79.1, birki ya koma na huɗu.

Idan abu ya zo kan gaba a zane biyun, kamar jinkiri a nan, babu gardama, da shi za a fara. Inda suka saɓa, hukunci ya koma ga maigida, kuma ra'ayina shi ne a bi zanen asara, tare da tuna cewa ƙirga huɗu ƙirga ce mai rauni. Walda ɗaya ta ƙaru ko ta ragu, kwana bakwai sun motsa. Akwai kuma abin da bai kamata a bar wa zane ba sam. Matsalar birki da za ta iya sa mota ta ƙwace da lodi, ko da sau ɗaya ta faru a shekara, ba ta jiran layi. Komawar birki na huɗu a jerin kwanaki ba izinin sassauta dubawa ba ne.

Zanen kuma ba ya ganin wanda bai yi magana ba. Direban da motarsa ta lalace a Lakwaja zai gyara a can, mai motar kuma ya sauya gareji shiru. Irin waɗannan su ne mafiya tsada, kuma ba sa shiga littafi sai an neme su. Kiran waya bayan mako guda da fitar babban aiki, a tambayi direba yadda mota ta yi a hanya, yana cike wani ɓangare na giɓin.

Sake aunawa bayan gyara

Bayan an canja tsarin yanke alkawari, a sake ƙirga wata uku da rukunan nan dai, a zana sabon zane kusa da tsohon, da ma'aunin santimita iri ɗaya, domin ido ya ga raguwar. A nan kaso cikin ɗari yana yaudara. A ce jinkiri ya sauko daga 46 zuwa 20, sauran ba su motsa ba. Jimilla ta koma 94, yoyon iska yana nan a 28 ɗinsa, amma kasonsa ya tashi daga 23.3 zuwa 29.8, ya kuma zama na ɗaya. Wanda ya kalli kaso kaɗai zai je ya tsare mai gyaran birki da faɗa a kan aikin da bai ƙara lalacewa ba. Adadi ake kwatantawa tsakanin zane biyu.

Shi ma adadin sai an auna shi da yawan aikin da aka yi. Hada-hadar Potiskum tana bin lokaci: bayan kaka hatsi na fita, gabanin Babbar Salla dabbobi na tafiya kudu, motoci su yi yawa a gareji kuma kowa na sauri. A zangon farko ƙorafi 120 cikin aiki 600 yana nufin 20 a kowane aiki ɗari. In zango na biyu ya faɗo lokacin da kasuwa ta lafa, aka yi aiki 400 kacal, to ƙorafi 94 ya zama 23.5 a kowane ɗari, wato lamarin ya ƙara muni duk da ginshiƙan sun gajarce. In kuwa aiki 600 aka sake yi, ya sauko zuwa 15.7. Saboda haka a ƙasan kowane zane a rubuta watannin da ya ƙunsa, da jimillar ƙorafi, da jimillar aikin da ya fita, kuma inda hali ya yi a kwatanta zango da takwaransa na bara maimakon wanda ya gabace shi.